Sakan Goma Sha Biyar Da Suka Haɗiye Mana Ciniki 312

Ranar wata Litinin da safe akantarmu ta shigo ofishinmu na injiniyoyi da takarda a hannu, ta ajiye a kan teburina ba ta ce komai ba. Lambobi huɗu ne jere da biro: 205, 243, 274, 312. Na ɗago na dube ta.

"Injiniya, wannan yawan cinikin da banki ya ce an yi ne amma babu su a littafin kamashonmu, Alhamis zuwa jiya. Kullum sai kun ce min matsalar sabis ce. To wane irin sabis ne yake ƙara lalacewa da talatin da 'yan kai kowace rana, kamar mai biyan adashi?"

Na ce, "Hajiya, ki ba ni zuwa la'asar." A raina kuwa na san ta riga ta yi rabin binciken. Matsalar sadarwa hawa da sauka take yi, yau da yawa gobe babu. Abin da ke ƙaruwa da adadi ɗaya kullum, akwai wani abu a ƙarƙashinsa da ke tafiya da gudu ɗaya.

Kamfanin ƙarami ne, muna kula da cinikin masu POS, kusan 18,000 a rana. Sabobi uku ne ke karɓar cinikin, A da B da C, kowace tana ɗaukar kashi ɗaya cikin uku, dukansu kuma suna rubutawa a rumbun bayanai guda na PostgreSQL. Kowace saba ita ke buga wa layin da ta rubuta hatimin lokaci, wato `created_at`, da agogon cikinta. Can gefe akwai wata na'ura ta huɗu da ke farkawa duk minti biyar, ta kwashe sabon ciniki ta zuba a littafin kamasho. Tambayar da take yi wa rumbun ke nan:

```sql
SELECT * FROM payments
WHERE created_at >  :last_run
  AND created_at <= :now;
```

Idan ta gama sai ta ajiye `:now` ya zama `:last_run` na zagaye na gaba. Muna kiran wannan tazarar taga. Taga ɗaya na ƙarewa, ta gaba na farawa daidai wurin, babu giɓi ko na ƙwayar gero. Ni na rubuta shi, kuma shekara guda ina ganin babu abin da zai iya zamewa ta tsakaninsu.

Inda ɓatattun suka taru

Na fara da fitar da ɓatattun su kaɗai: duk layin da ke `payments` amma babu shi a littafin kamasho. Abu na farko da ya bayyana shi ne kusan dukansu sabar C ce ta rubuta su. C sabuwa ce, kwana tara ke nan da muka saka ta aiki. Na biyu sai da na ɗan yi dabara. Na ɗauki lokacin kowane layi na raba da sakan 300, na duba ragowar, don in ga a wane wuri cikin tagar minti biyar yake faɗawa:

```sql
SELECT floor(extract(epoch FROM created_at))::bigint % 300 / 15 AS gurbi,
       count(*)
FROM missing GROUP BY 1 ORDER BY 1;
```

Gurbi ashirin ne, kowane sakan 15. Da sabis ne ke yankewa, da ɓatattun sun warwatsu ko'ina. Sai ga shi kusan duka sun cunkushe a gurbi na ƙarshe, mai lamba 19. Wato 10:04:51, 10:09:47, 10:14:58, haka dai, kullum gab da rufe taga.

Na shiga C na buga `timedatectl`. Layi ɗaya ya ce `NTP service: active`, wanda shi ne abin da wanda ya kafa sabar ya duba ya wuce. Layin da ke samansa kuwa cewa ya yi `System clock synchronized: no`. Na buga `chronyc sources`, kowace majiya da alamar `^?` a gabanta, `Reach` kuma sifili. A saba mai lafiya za ka ga `^*` a gaban majiya ɗaya da 377 a wurin `Reach`, ma'ana tambayoyi takwas na baya duk sun sami amsa. Manhajar saita agogon tana raye, tana ta kira, babu mai amsawa. An buɗe wa C ƙofofin da take buƙata don ciniki a katangar tsaro, an manta da UDP 123, wadda NTP, tsarin saita agogo ta intanet, ke bi. Tun ranar da aka kafa ta ba ta taɓa jin ƙarfe nawa ne daga waje ba.

Agogon kwamfuta ɗan ƙanƙanin dutse ne ke kaɗawa a cikinsa, kuma babu dutsen da ke kaɗawa daidai cif. Kuskuren kashi 20 cikin miliyan ba abin mamaki ba ne, zafi ma na canza shi. A rana akwai sakan 86,400, don haka kashi 20 cikin miliyan ya kama sakan 1.7 a rana. Kwana tara, sakan 15 da ɗoriya. Da na gwada agogon C da na A, abin da na tarar ke nan: C tana baya da sakan 15 da rabi.

Ga yadda ciniki ɗaya ke ɓata. Ƙarfe 10:05:00 na'urar kamasho ta farka, ta kwashe duk abin da ke tsakanin 10:00:00 da 10:05:00, ta rufe tagar. Ƙarfe 10:05:06 wani ya cire kuɗi a wajen mai POS, cinikin ya faɗo kan C. Agogon C yana nuna 10:04:51, shi ta buga. Ƙarfe 10:10:00 na'urar ta sake farkawa, tana neman abin da ya wuce 10:05:00. Cinikin nan hatiminsa ya ce shi ɗan tagar baya ne. Tagar baya kuwa lokacin da aka duba ta ba a haife shi ba. Babu wanda ya yi kuskuren da za a rubuta a ko'ina, tambayar ta dawo lafiya, aikin ya ƙare lafiya, layin yana nan zaune a teburinsa ba wanda zai sake waiwayarsa.

Lissafin ya zo daidai da takardar Hajiya har ya ba ni tsoro. C tana ɗaukar ciniki 6,000 a rana. Kowane sakan ɗaya na jinkiri yana cinye kashi ɗaya cikin 300 na kowace taga, wato ciniki 20 a rana. Sakan 1.7 na ƙaruwa kullum, ciniki kusan 35 ke nan. Sakan 15 da rabi sau 20 ya ba da 310. A kwana taran gaba ɗaya, sama da 1,500 ne suka zube.

Akwai abin lura game da ɓangaren da agogon ya karkata. Da C gaba ta yi, da babu abin da ya ɓata a tsarinmu: layin zai zo da hatimin lokacin da bai yi ba tukuna, ya jira, taga ta gaba ta ɗauke shi. Amma masu tsari da yawa, don gudun dogaro da agogon na'urar da ke kwasa, sukan ajiye mafi girman `created_at` da suka gani a matsayin iyaka. A wannan tsarin agogo mai sauri shi ne mugun. Layi ɗaya tak daga saba mai gaba da sakan 15 zai ja iyakar gaba, duk abin da sabobi masu lafiya suka rubuta a cikin sakan 15 ɗin ya faɗa bayanta. Mai laifi ya tsira, marasa laifi su ɓata, kai kuma kana can kana binciken sabobin da ba su yi komai ba.

Aka buɗe ƙofar, agogon C ya dawo daidai, muka kwaso ɓatattun da hannu. Kafin la'asar na je na gaya wa Hajiya an gama.

Shida da suka ƙi tafiya

Bayan kwana uku ta dawo. Wannan karon 7, 4, 6.

"Injiniya, sun ragu, Allah ya yi albarka. Amma waɗannan fa? Ka san tun kafin ku kawo sabuwar na'urar nan nake ganinsu, ina gyarawa da hannu."

Ban sani ba. Shekara guda tana cike mana rami da cokali, ba ta taɓa kawo ƙara ba saboda ba su da yawa.

Waɗannan sun fito daga sabobi ukun duka, kuma hatiminsu yana cikin sakan ɗaya ko biyu na ƙarshen taga. Na ce to, sauran bambancin agogo ne, mu kashe maganar daga tushe: kada wata saba ta sake buga lokaci, rumbun ya buga da `now()`, iyakar tagar ma a karɓo ta daga rumbun. Agogo ɗaya ga kowa. Muka yi haka, muka jira. Washegari biyar suka ɓata.

A nan ne na fahimci cewa agogon C ƙara girman matsalar kawai ya yi har muka gan ta. A PostgreSQL duk rubutu yana faruwa ne cikin tiranzakshan, tsakanin `BEGIN` da `COMMIT`, kuma babu wani mai karatu da zai ga layin sai an yi `COMMIT`. Shi kuwa `now()` lokacin da tiranzakshan ɗin ya fara yake bayarwa, ba ya motsi har a gama. Kowa zai iya gwadawa da tagogin `psql` guda biyu. A ta farko:

```sql
BEGIN;
INSERT INTO payments (amount, created_at) VALUES (5000, now());
SELECT pg_sleep(20);
COMMIT;
```

A ta biyu ka nemi layin cikin sakan ashirin ɗin nan, babu shi. Bayan nan ya bayyana, da hatimin sakan ashirin da suka wuce. Ko ka canza zuwa `clock_timestamp()`, wanda ke ba da lokacin da ake ciki, lokacin rubutawa za ka samu, tazarar da ke tsakaninsa da `COMMIT` tana nan.

Namu tiranzakshan gajeru ne, yawanci ba sa kai kashi ɗaya cikin goma na sakan. Amma idan mai POS ɗaya yana da na'urori da yawa a kasuwa, ciniki biyu sukan yi karo a kan layin ajiyarsa, ɗaya ya jira ɗaya, wani lokaci har sakan biyu. Idan aka haɗa gajeru da dogaye, matsakaicin ya kama 0.1 na sakan. Ciniki 18,000 sau 0.1, a raba da 300: shida. Shidan Hajiya ke nan, kullum, tun ranar da na rubuta tambayar.

Wani abokin aikina ya ce mu bar lokaci gaba ɗaya mu bi lambar layi, `id > :last_id`, tunda lamba ba ta da agogo. Ramin ɗaya ne. Ana raba lambar lokacin `INSERT`, don haka mai lamba 1001 zai iya jinkiri a kan hanya, 1002 ya riga shi bayyana, iyaka ta koma 1002, shi ke nan 1001 ya bi sahun sauran. Lokacin da aka buga wa layi hatimi daban, lokacin da ya bayyana ga mai nema daban, kuma tambayarmu ta ɗauka cewa guda ne.

Tagogi masu hawa kan juna

Maganin da kowa ya sani shi ne kowace taga ta koma baya kaɗan ta hau kan wadda ta gabace ta. Muka sa minti biyu: zagayen 10:10 ya fara daga 10:03 maimakon 10:05. Duk wanda ya makara da ƙasa da minti biyu za a tsince shi.

Na saka shi da azahar, cikin gaggawa, kuma nan na yi abin kunya. Minti biyu cikin biyar, ciniki 40 cikin kowane 100 ke nan za a gani sau biyu, littafin kamasho kuwa duk abin da aka miƙa masa rubutawa yake. Cikin minti arba'in jimillar kamashon ta kumbura. Allah ya taimake mu da dare ake biya, muka share kafin kuɗi ya fita. Tagar da ta hau kan wata ba ta da amfani sai mai karɓa ya iya ganin abu sau biyu ya ƙirga shi sau ɗaya. Muka sa doka a teburin cewa `payment_id` ba ya maimaituwa, sannan:

```sql
INSERT INTO commission (payment_id, amount, created_at, seen_at)
VALUES (:id, :amount, :created_at, now())
ON CONFLICT (payment_id) DO NOTHING
RETURNING payment_id;
```

`RETURNING` ɗin yana da aiki: layin da ya shiga da gaske kawai yake dawowa da shi, kuma shi kaɗai muke tura wa saƙon tes. In ba haka ba littafin zai yi daidai amma wayar mai POS ta yi ƙara sau biyu, shi kuma ba littafinmu yake gani ba.

Mako uku takardar Hajiya tana nuna sifili. Sai ƙarshen wata ya zo, aka wayi gari babu ciniki 2,300 a dunƙule.

Akwai wani aiki da ke shigo da gyare-gyaren banki sau ɗaya a wata, da tsakar dare, duka a tiranzakshan ɗaya. Ya fara 02:01, ya yi `COMMIT` 02:08. Layukan 2,300 dukansu hatiminsu 02:01. Zagayen 02:05 bai gan su ba don ba su bayyana ba. Zagayen 02:10 ya koma baya zuwa 02:03, ya tsaya. Minti biyu kacal tsakaninsa da su.

Wannan ya koya min yadda ya kamata a kalli hawan taga. Caca ce kake yi cewa babu layin da zai makara fiye da adadin da ka zaɓa. Makarar kuma abubuwa da dama ne a haɗe: bambancin agogo idan sabobi ne ke bugawa, tsawon tiranzakshan mafi tsawo, da jinkirin kwafi idan daga rumbun kwafi kake karantawa maimakon uwar rumbun. Minti biyun nan daga ina na samo shi? Daga kaina. Ya yi min kama da mai yawa, shi ke nan. Kuma akwai tarko a wajen auna shi. Mun ajiye `seen_at` don mu ga makarar kowane layi, kuma mako uku alƙaluman suna nuna komai lafiya. Dole su nuna haka, tunda wanda ya makara fiye da tagar ba ya shiga teburin balle a auna shi. Kamar mai ƙirga kifin kogi ne da abin da ya rage a komarsa, ya ce babu ƙananan kifi a ruwan.

Akwai hanyar da ba ta caca. PostgreSQL yana nuna lokacin da kowane tiranzakshan da ke buɗe ya fara, a `xact_start` na `pg_stat_activity`. Idan ka ɗauki mafi tsufa ka ƙi barin iyakarka ta wuce shi, babu layin da zai zo daga baya da hatimin da ya gaza iyakar, muddin `now()` ne ke bugawa kuma a uwar rumbun kake tambaya. Sai ka ba mai tambayar izinin `pg_read_all_stats`, in ba haka ba ba zai ga na wasu ba. Farashinta shi ne idan wani ya buɗe `BEGIN` ya tafi sallah ya bar shi, kamasho ya tsaya cak har ya dawo. A ganina tsayawa ta fi ɓata sauƙi, don tsayawa ana ganinta. Manyan kamfanoni sun biya fiye da haka: Spanner na Google, wanda aka bayyana a 2012, yana amfani da GPS da agogon atam don ya san iyakar kuskuren agogonsa, sannan ya jira wannan tazarar ta wuce kafin ya bari a ga abin da aka rubuta. Su ma da duk kayan aikinsu jira suke yi.

Mu dai abin da muka yi ya fi haka araha. Muka faɗaɗa hawan zuwa minti goma, tunda maimaici ya daina cutarwa, abin da ya ƙaru kawai shi ne karanta layuka 'yan ɗari a kowane zagaye. Muka sassara aikin ƙarshen wata ya riƙa yin `COMMIT` bayan kowane layi 200, mafi tsawonsa yanzu bai kai minti ɗaya ba. Muka sa `idle_in_transaction_session_timeout` a minti biyu don wanda aka buɗe aka manta. Wannan bai kama tiranzakshan da ke aiki tuƙuru ba. Mai yin hakan, `transaction_timeout`, sai a PostgreSQL 17 na 2024 ya zo. Agogon kowace saba kuma yanzu ana duba `chronyc tracking` ɗinsa, idan `Leap status` ya ce `Not synchronised` waya ta yi ƙara, ba mu ƙara yarda da kalmar `active` ba.

Abin da na fi dogara da shi shi ne shara ta dare, wadda ba ruwanta da tagar minti biyar:

```sql
SELECT p.id FROM payments p
WHERE p.created_at >= now() - interval '7 days'
  AND p.created_at <  now() - interval '1 hour'
  AND NOT EXISTS (SELECT 1 FROM commission c WHERE c.payment_id = p.id);
```

Duk abin da ta tsinto tana shigar da shi, amma kuma tana turo mana adadin da makararsa, don kada ta zama wata Hajiyar mai gyara a ɓoye. A wata huɗu sau ɗaya ta taɓa tsintar wani abu: layi 11, ranar da wani sabon ma'aikaci ya gyara wasu ciniki da hannu ya sa musu `created_at` na ranar da aka yi cinikin, kwana biyu baya. Babu faɗin tagar da zai kama wannan. Shi kansa kwana bakwan da ke cikin tambayar wata taga ce, kuma ranar da aka shigo da gyaran watan jiya da tsohon kwanan wata, ita ma za ta wuce shi. Don haka ranar ɗaya ga kowane wata muna cire sharaɗin kwanakin mu gudanar da ita a kan teburin gaba ɗaya, da asuba, tana ɗaukar kusan minti huɗu.